Wa'adin da ke jikin kwalin magani alkawari ne mai sharaɗi

A tsakiyar Afrilun 2025, bayan sallar la'asar, autar gidanmu da ke aure a wani ƙauye a yankin Ringim ta turo mini hoton kwalin magani ta waya, ta biyo shi da saƙon murya: "Yaya, don Allah duba min wannan, ko ya yi isfaya? Tarin yaron nan ne ya dawo, kuma akwai saura a kwalbar." Na buɗe hoton. Gaban kwalin ta ɗauka, inda aka rubuta sunan maganin da manyan baƙaƙe: amoksisilin na yara, maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin miligiram 125 a cikin kowane mililita 5, irin garin nan da ake zuba wa ruwa a gida a girgiza. Hoto ne mai kyau, amma amsar tambayarta ba ta cikinsa.

Na daɗe ina aikin raba magani a ƙaramin asibitin karkara, kuma irin wannan hoton ba ya yanke mini. Kusan kowa gaban kwali yake ɗauka, domin nan ne ido ke fara sauka. Gaban kwali kuwa suna da ƙarfin magani kawai yake faɗa. Abin da zai nuna ko maganin yana da sauran amfani yana maƙale ne a marfin kwalin, ko a gindinsa, ko a gefe cikin ƙananan rubutu. Na ce mata, "Auta, juya shi. Ɗauko min marfin da aka buga lambobi, da gefen da ke da ƙananan rubutu, sannan ki fito da kwalbar ki ɗauki takardar da ke jikinta."

Ga abin da ke marfin:

```
B.No.  AX2217
MFG    11/2022
EXP    10/2025
```

Layin tsakiya, `MFG`, wanda wasu kamfanoni ke rubutawa `MFD`, shi ne watan da aka haɗa maganin, wato Nuwambar 2022. Na ƙasa, `EXP`, shi ne ƙarshen wa'adi. Mutane da yawa suna rikita su, kuma na ga an zubar da magani lafiyayye saboda an karanta ranar haɗawa aka ɗauka ta ƙarewa ce. Hanya mai sauƙi ga wanda bai iya karanta baƙaƙen ba ita ce ya duba shekarun biyu: wadda ta fi nisa a gaba ita ce ta ƙarewa. Idan kuma wata da shekara kawai aka rubuta ba a sa rana ba, wa'adin yana kaiwa har ranar ƙarshe ta watan. Wato 10/2025 na nufin 31 ga Oktoba, ba 1 ga wata ba. Akwai bambanci ɗaya da ya kamata a riƙe: idan maimakon `EXP` aka rubuta `Use before`, ma'anarsa a gama amfani da shi kafin watan ya kama, don haka wa'adin ya ƙare tun ƙarshen Satumba.

Daga Nuwambar 2022 zuwa Oktobar 2025 wata 36 ne cif. Kullum nakan yi wannan lissafin, domin yana tona abubuwa. Yawancin magunguna shekara biyu ko uku ake ba su, kuma ba a saba wuce biyar ba. In ka ga tazarar ta kai shekara shida ko bakwai, ko ka ga lamba ɗaya a cikin shekarar ƙarewa ta fi 'yan uwanta kauri ko baƙi, ko an manna wata 'yar takarda a kan wurin, to hannu ya taɓa shi bayan ya bar masana'anta. A nan ne hoto ke da amfaninsa, don ana iya buɗa shi da yatsu a ga inda aka kankare ko aka sake bi da tawada.

A lissafin kwali dai, maganin Auta yana da sauran wata shida da rabi. Ta ji daɗi, har ta fara godiya. Na ce ta dakata, mu karanta gefen.

A gefen an rubuta `Store below 30°C`, wato a ajiye shi a wurin da zafinsa bai kai digiri 30 ba, an ƙara da cewa a kare shi daga danshi. Wannan layin da layin `EXP` magana ɗaya ce aka raba ta gida biyu, kuma wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya rabin zance ya ji. Kamfani ba ya ƙirƙiro wa'adi da ka. Yana ɗaukar samfurin maganin a cikin mazubin da za a sayar da shi, ya sa a ɗakin gwaji mai tsayayyen zafi da danshi, yana ciro shi lokaci-lokaci yana auna ƙarfin da ya rage. Ga ƙasashe masu zafi da danshi irin Najeriya, ma'aunin da ake bi shi ne digiri 30 da danshi kashi 75 cikin 100. Iya tsawon lokacin da maganin ya riƙe ingancinsa a wannan yanayi, wanda ga magunguna da yawa yake nufin ƙarfinsa bai faɗi ƙasa da kashi 90 cikin 100 ba, shi ake bugawa a matsayin wa'adi. Don haka abin da kamfanin ke cewa shi ne: idan ka ajiye shi yadda na ce, kuma ba ka buɗe shi ba, na tsaya masa har wannan watan.

To yanzu a kawo wannan sharaɗin ƙasarmu. A Afrilu da Mayu, zafin rana a Kano da Jigawa yana kaiwa digiri 40, wani lokaci ya haura, kuma wannan a inuwa ake aunawa. Ɗakin da aka rufa da kwano ba silin, da shagon kemis na kwantena, da akwatin babur, da farantin mai tallan magani da ke zagaya kasuwar Wudil ranar Juma'a a tsakiyar rana, duk sun fi haka zafi. Masana kimiyyar sinadarai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 yana iya ninka saurin lalacewar sinadari kusan sau biyu. Ba kowane magani ne ke bin wannan daidai-wa-daida ba, kuma yini ɗaya ko biyu na zafi ba ya kashe ƙwayar magani busasshiya. Abin da ke cin ta shi ne taruwar kwanaki, bazara bayan bazara. Maganin da ya yi shekara biyu a saman kanta dab da rufin kwano yana iya tsufa kafin watan da ke jikinsa, kuma lambar ba za ta canza ba don ta sanar da kai. Wannan ne ya sa nake damuwa da inda aka sayo magani fiye da yadda nake damuwa da kyan kwalinsa.

A gidajenmu, wurin da ya fi dacewa ba ya buƙatar kuɗi. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na kwano sanyi. A sa maganin cikin gwangwani ko roba mai murfi, nesa da taga, nesa da madafi da makewayi, a inda hannun yara ba ya kaiwa. Saman taga da kan talabijin da aljihun mota su ne wuraren da na fi ganin an ajiye, kuma su ne mafiya muni.

Amma ba zafin ɗaki ba ne ya kashe maganin Auta. Da hoton kwalbar ya iso, na ga ruwa ne a ciki, ya ɗan haura rabi. Na tambaye ta yaushe ta zuba masa ruwan. Ta yi lissafi da ranar sunan da aka yi a maƙwabtansu, ya kama mako uku. A ƙasan takardar kwalbar kuwa, cikin rubutun da sai an buɗa hoto ake gani, an ce a yi amfani da shi cikin kwana 7 bayan an haɗa.

Wannan shi ne wa'adi na biyu, kuma shi ne wanda mutanenmu suka fi rashin sani. Amoksisilin ba ya jure zama cikin ruwa, shi ya sa tun farko ake sayar da shi gari. Wata 36 ɗin nan na garin ne, busasshe, a kwalbar da ba a ɓalle murfinta ba. Daga lokacin da ruwa ya shiga, lissafin ya koma na kwanaki. Wasu kamfanonin kwana 7 suke bayarwa, wasu 14 idan a firji yake, kuma abin da ke jikin kwalbar da ke hannunka shi ne hukunci. Wanda aka haɗa da sinadarin kilabulanik ya fi shi rauni, shi dole sai firji, kuma kwana 7 ne ko 10, gwargwadon kamfani. Maganin ɗigawa a ido galibi kwana 28 ne bayan an buɗe. Ruwan gishiri da sukari na gudawa, da zarar an kaɗa ƙunshi ɗaya a ruwan da aka ce, awa 24 ne, gobe sai a haɗa sabo. Duk waɗannan kwalinsu na iya nuna shekara guda a gaba alhali abin da ke ciki ya gama aiki.

Na ce mata, "Auta, kwalin bai yi isfaya ba, amma abin da ke cikin kwalbar ya yi tun mako biyu da suka wuce. Kada ki ba shi." Ta ce ai warinsa bai canza ba, launinsa ma yana nan. Haka ne, kuma nan ne haɗarin yake. Canjin launi ko wari ko dunƙulewa alama ce tabbatacciya ta lalacewa, amma rashinsu ba shaidar lafiya ba ne. Maganin kashe ƙwayar cuta da ya yi rauni ba zai warkar da yaro ba, sai dai ya ci kwanakin da ya kamata a ce an kai shi asibiti. Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai: dalilin da ya sa aka sami saura shi ne ta daina ba shi bayan kwana uku da ta ga ya warware. Na yi mata faɗa a kan wannan irin na wa da ƙanwa, na kuma ce tarin da ya dawo a kai shi a duba ƙirjinsa, domin ba kowane tari ne ke buƙatar wannan maganin ba.

Tun daga nan na ƙara riƙo da wata ɗabi'a a wurin aiki. Duk kwalbar da na haɗa wa uwa, sai na rubuta ranar haɗawa da ranar zubarwa a jikinta da biro, na kuma faɗa mata da sunan rana: "Yau Talata, in wata Talatar ta zagayo, ko da saura a zubar."

Akwai rukunin magunguna da sharaɗinsu ya fi tsanani, waɗanda aka rubuta wa `2°C – 8°C`. Wannan sanyin firji ne, kuma yana da iyaka sama da ƙasa. Insulin na masu ciwon sukari da alluran rigakafi da allurar oksitosin da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da jini suna cikinsu. Kowa ya san zafi na ɓata su, amma kaɗan ne suka san daskarewa ma na ɓata insulin da wasu alluran rigakafin, shi ya sa ake ƙara `Do not freeze`. A ƙauyen da ba wuta, mai ciwon sukari yakan kai kwalbarsa wurin mai sayar da ƙanƙara ya ce a ajiye masa, a ɗora ta a kan ƙanƙarar kai tsaye ko a jefa ta injin daskarewa. Insulin da ya daskare ya lalace ko da ya narke ya koma kamar da. Kwalbar da aka fara amfani da ita kuwa, yawancin kamfanoni sun yarda ta zauna a waje har mako huɗu, muddin zafin bai wuce 25 ko 30 ba, gwargwadon abin da takardar ta ce. A nan ne dabarar tukunya cikin tukunya ke taimakawa, wadda Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tana sauke zafi sosai lokacin da iska ta bushe, tana kuma raguwa da aiki da damina. Amma a fahimce ta da kyau: tana taimaka wa abin da ake so ya zauna ƙasa da 30, ba ta kai sanyin 2 zuwa 8. Kuma a sa kwalbar a leda ko roba mai murfi, kada danshi ya cinye takardar jikinta.

Wani lokaci ba rubutu za ka gani ba, zane ne, musamman a kwalin abin gwajin zazzaɓin cizon sauro da sirinji da ledar ƙarin ruwa. Laima da ɗigon ruwa a kanta na nufin kada ya jiƙe. Rana da aka yi wa shamaki na nufin a kare shi daga haskenta. Ma'aunin zafi mai lamba a ƙasa da lamba a sama yana nuna iyakokin biyu. Agogon yashi, wato kwalabe biyu baki da baki, shi ne ƙarshen wa'adi, hoton masana'anta da kwanan wata a gefensa kuma ranar haɗawa. A irin waɗannan kwalaye shekara ce ke zuwa farko, don haka 2026-03 Maris ne na 2026. Lamba 2 da aka soke da layi a cikin da'ira na nufin sau ɗaya tak ake amfani da shi.

Saura layin farko na marfin, wanda Auta ta ce ita ba ta taɓa kula da shi ba. `B.No.`, ko `BN`, ko `LOT`, duk abu ɗaya ne: lambar rukunin da aka haɗa a zubi ɗaya, abin da ma'aikata ke kira bac. Kamar girkin biki ne. Tukunya goma na iya fitowa daga hannun mace ɗaya, amma in gishiri ya yi yawa, a tukunya ɗaya ya yi, kuma sai an san wacce ce kafin a san kwanukan da za a dawo da su. Kowane kamfani da yadda yake tsara lambarsa, saboda haka kada a ɓata lokaci wajen fassara haruffan ko a nemi kwanan wata a cikinsu. Amfaninta a kwatanta ta ne, a wurare biyu.

Na farko, tsakanin kwali da abin da ke cikinsa. Lambar rukuni da wa'adin da ke marfi dole su zo daidai da na jikin kwalba ko katin ƙwayoyi, harafi da harafi. Wannan ne dalilin da ya sa na nemi hoton kwalbar tun farko. Ta Auta ta nuna AX2217 da 10/2025, ta dace da kwalin. Da ta saɓa, da na ce an zuba tsohon kaya a sabon kwali, ko kuma jabu ne, in ce ta mayar. A katin ƙwayoyi, lambobin galibi a baki ɗaya ake danna su cikin ƙarfen, ba tawada, sai an karkata shi ga haske ake gani. Nan kuma akwai wata matsala tamu ta karkara: mai kemis yana yanka kati da almakashi ya sayar da ƙwaya huɗu, bakin da ke da lambobin ya tafi da mai saye na farko, sauran su zama ba uwa ba uba. Wanda ya san aikinsa daga ɗaya bakin yake fara yanka, ya bar mai lamba har ƙarshe. Mai saye kuma yana da haƙƙin ya ce a nuna masa kwalin da aka ciro katin.

Na biyu, tsakanin kwalinka da sanarwar hukuma. Idan hukumar NAFDAC ta janye magani, sau da yawa rukuni take ambata, ba duka maganin ba. A Afrilun 2024 ta ba da sanarwar janye maganin tarin yara na Benylin, ta ambaci lamba ɗaya, 329304, wanda aka haɗa a Mayun 2021 a Afirka ta Kudu, bayan gwajinta ya nuna wani sinadari mai lalata ƙoda a ciki. Daga baya hukumar magunguna ta Afirka ta Kudu ta ce nata gwajin bai gano shi ba, amma a ranar da sanarwar ta fito, abin da uwa ke buƙata shi ne ta iya ɗaukar kwalbarta ta ga ko lambar ce ko ba ita ba. Wadda ta jefar da kwali, takardar kwalbar kuma ta goge, ba ta da hanyar sani. Haka nan in magani ya yi wa mutum illa aka kai ƙorafi, lambar rukuni na cikin abubuwan farko da za a tambaya.

Kada a haɗa ta da lambar rajistar NAFDAC, wadda ke zuwa kamar A4 ko 04 da wasu lambobi a bayanta. Ita wannan ta maganin ce baki ɗaya, iri ɗaya ce a kowane kwalinsa, ba ta canzawa daga zubi zuwa zubi. Ganinta kawai ba ya isa, domin mai jabu ma yana iya buga ta. Ana iya duba ta a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook a ga ko sunan magani da kamfanin sun dace da ita. Wasu kwalayen, musamman na maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, suna da wurin kankarewa irin na katin waya, a tura lambar ta saƙon tes zuwa gajeriyar lambar da aka rubuta a gefensa, amsa ta dawo. In ka sami wurin an riga an kankare shi kafin ka saya, ka ajiye musu abinsu.

Washegari mijin Auta ya ɗauki yaron a babur zuwa asibitin da ke kusa da su. Da yamma ta turo mini hotuna uku ba tare da na nema ba: marfin sabon kwali, gefensa, da kwalbar, an rubuta ranar haɗawa da jan biro a jikinta. Lambar rukunin ta marfi ta fito sarai, ta kwalbar kuma hasken wayar ya haske ta har ba ta karantuwa. Na ce ta kashe hasken, ta fita tsakar gida kafin magariba ta sake ɗauka.